Yadda ake tuntuɓar jami'in ɗaukar ma'aikata a LinkedIn bayan ka ga tallar aiki

Duk wanda aikinsa ɗaukar ma'aikata ne, akwatin saƙonsa cike yake da abu iri ɗaya: "Barka da aiki, ina neman aiki, don Allah a taimaka." Ba rashin tausayi ne ke sa ya wuce irin wannan saƙo ba. Matsalar ita ce babu abin da zai iya yi da shi. Bai san wane gurbi ake magana a kai ba, bai san abin da mai saƙon ya iya ba, kuma kafin ya gano sai ya bar aikin da ke gabansa ya shiga bincike. Saƙon da ke samun amsa shi ne wanda jami'in zai karanta ya amsa cikin rabin minti ba tare da ya buɗe wani shafi ba. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta kaiwa ga irin wannan saƙo.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani kamfanin rarraba kaya ya tallata gurbin jami'in sito. Tallar ta ce ana son mai gogewar shekara 3 ko fiye, wanda ya iya Excel, ya taɓa jagorantar ƙidayar kaya, kuma ya san manhajar SAP. Kai kana da shekara 4 a sito, ka iya Excel, kai ke shirya ƙidayar kaya duk ƙarshen wata, amma manhajar da kuke aiki da ita Odoo ce, ba ka taɓa taɓa SAP ba. Ka cika uku cikin huɗu. Irin wannan yanayi ne ya fi buƙatar a yi magana da mutum, domin fom ɗin neman aiki ba shi da wurin da za ka yi bayanin na huɗun.

Ka fara da tallar da shafinka

Ka sake karanta tallar a natse, ka fitar da abu uku ka ajiye a gefe: sunan gurbin daidai yadda aka rubuta shi, lambarsa idan akwai, da sharaɗin da ka ga ya fi wuyar samu a wurin masu nema. Sharaɗi mai wuya shi ne abin da jami'in ke tace mutane da shi. Kowa zai ce ya iya Excel, amma ba kowa ne ya taɓa riƙe sito mai kaya iri dubu ba. Ka kuma duba ranar da aka saka tallar. Wadda aka saka kwana biyu ko uku da suka wuce tana da rai, ana kan tattara sunaye. Wadda ta yi wata guda, mai yiwuwa an riga an fara intabiyu, don haka tambayarka ta farko za ta zama ko har yanzu ana karɓa. Idan ka ga an rubuta mutum fiye da 100 sun nema, kada gabanka ya faɗi. A tallar da ke tura mutum zuwa shafin kamfanin, ana ƙirga waɗanda suka danna maɓallin ne, ciki har da waɗanda suka leƙa suka fasa.

Daga nan sai ka koma kan shafinka, domin abu na farko da jami'in zai yi idan saƙonka ya ja hankalinsa shi ne ya danna sunanka. Tun kafin ya danna ma, hotonka da layin da ke ƙarƙashin sunanka suna tafiya tare da saƙon. Idan layin ya ce "Mai neman aiki", ka ɓata wuri mafi daraja a shafin. Ka mayar da shi abin da kake yi: jami'in sito, shekara 4, ƙidayar kaya, Odoo, Excel. Sannan ka tabbata shekarun da ke shafin sun yi daidai da na takardar tarihin aikinka, wato sibi. Idan sibi ya ce ka fara aiki a 2021, shafin kuma ya ce 2020, ka jefa wa mutumin shakka a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wanda har yanzu yake aiki a wani wuri ya kula da alamar Open to Work. Tana da zaɓi biyu: wanda kowa zai gani da koren zobe a hotonka, da wanda aka keɓe wa masu ɗaukar ma'aikata kaɗai. Na biyun ya fi rufin asiri, amma LinkedIn da kanta ba ta ba da tabbacin cewa mutanen kamfaninka ba za su taɓa gani ba.

Wa za ka yi wa magana?

Wasu tallace-tallacen suna da sashe mai suna Meet the hiring team, inda ake nuna wanda ya saka tallar. Idan akwai shi, an gama, shi ne mutuminka. Idan babu, ka shiga shafin kamfanin na LinkedIn, ka danna People, ka rubuta recruiter ko talent acquisition a wurin bincike. A babban kamfani za su fito da yawa, kuma kowa da ɓangarensa: wani injiniyoyi yake ɗauka, wani 'yan kasuwanci, wani ma'aikatan sito da sufuri. Ka duba abin da kowannensu ya saka a kwanakin baya. Wanda ya yaɗa tallar da kake so, ko wasu irinta, shi za ka nufa.

Mutum ɗaya za ka zaɓa. Tura saƙo iri ɗaya ga mutum biyar a ofis ɗaya kuskure ne da ake yawan yi, ana ganin kamar ƙara sa'a ce. Mutanen nan suna zaune tare, suna aiki da rumbun bayanai ɗaya, kuma da zarar biyu daga cikinsu sun gane saƙo ɗaya ka aika musu, kowa zai bar wa ɗan'uwansa.

Akwai bambancin da ya kamata ka gane tun a nan, domin shi zai nuna maka abin da za ka fara yi. Wani jami'in ma'aikacin kamfanin ne, albashi ake biyansa. Wani kuma yana aiki ne da kamfanin dillancin ma'aikata, wanda ake biya lada idan mutumin da ya kawo ya samu aikin. Za ka gane ta sunan wurin aikin da ke shafinsa, da kuma yadda tallarsa ke cewa "wani abokin hulɗarmu na neman..." ba tare da an faɗi sunan kamfanin ba.

Idan na cikin gida ne, ka fara cike fom ɗin neman aikin, sannan ka yi masa magana. Dalili kuwa, yawancin kamfanoni ba sa iya tafiyar da maganar mutumin da sunansa bai shiga rumbunsu ba, kuma idan ka tura saƙo kafin ka nema, amsar da za ka samu ita ce "ka nema ta shafinmu". Ka kashe damarka ɗaya a kan abin da ka riga ka sani. Amma idan dillali ne, shi za ka fara yi wa magana. Idan ka riga ka nemi aikin kai tsaye a kamfanin, sau da yawa ba zai iya gabatar da kai ba, tunda kamfanin zai ce sunanka na hannunsa tun kafin dillalin ya kawo ka, babu ladan da zai biya. Saboda haka idan ka taɓa neman aiki a kamfanin da ya ambata maka, ka faɗa masa gaskiya tun farko. Mutum ɗaya ya iso ta ƙofa biyu, rikici yake jawowa, kuma mai neman aikin ne ke kwana a ciki.

Ta wace hanya saƙon zai isa

Kusa da sunan kowa akwai 1st, 2nd ko 3rd. Idan 1st ne, kun riga kun haɗu, za ka iya tura masa saƙo kai tsaye kyauta. Idan 2nd ne, akwai wanda ya san ku duka biyu, kuma shafin zai nuna maka ko wane ne. Ka tsaya a nan tukuna. Idan wannan na tsakiyar ya san aikinka da gaske, ka roƙe shi ya gabatar da kai, ka kuma rubuta masa layi biyu da zai tura ba tare da ya sha wahalar tsarawa ba. Ban san wata hanya da ta fi wannan ƙarfi ba.

Idan babu mai gabatarwa, hanyar da ta rage wa yawancin mutane ita ce gayyatar haɗuwa tare da ɗan rubutu. A kwamfuta, ka danna Connect, sannan Add a note. A waya kuwa ka yi hattara, domin danna Connect na iya tura gayyatar nan take babu rubutu. Ka shiga shafin mutumin, ka danna ɗigo ukun nan, ka zaɓi Personalize invite. Mai asusun kyauta harafi 200 yake da shi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, mai Premium, wato asusun da ake biyan kuɗi, kuma 300. Asusun kyauta kuma 'yan kaɗan ne irin waɗannan gayyata masu rubutu ake ba shi a wata, don haka ka adana su don guraben da ka dace da su sosai.

InMail, wato saƙon da ke isa ga wanda ba ku haɗu ba, na masu Premium ne. Yana ba da fili mai yawa da wurin rubuta kan magana, amma ba na ganin ya kamata mutum ya biya kuɗi don saƙo ɗaya. Kafin ka kai ga nan, ka danna Message a shafin jami'in ka gani: waɗanda suka kunna Open Profile ana iya tura musu saƙo kyauta ko da ba a haɗu ba, kuma masu ɗaukar ma'aikata da dama suna kunna shi.

Saƙon kansa

Da harshen da aka rubuta tallar za ka rubuta. Ga yadda na jami'in sitonmu zai kasance, cikin harafi ƙasa da 200:

"Barka da aiki. Na nemi gurbin jami'in sito da kuka tallata ranar Litinin. Shekara 4 ina riƙe da sito mai kaya iri 1,800 da Odoo. SAP sharaɗi ne dole, ko za a duba mai irin wannan gogewar? Na gode."

Dubi abin da kowace jimla ta ɗauko. Gaisuwar kalma uku ce, an girmama mutum an wuce. Jimla ta biyu ta faɗi gurbin, ta kuma nuna an riga an nema, don haka jami'in zai iya rubuta sunanka a rumbunsa ya same ka. Ta uku hujja ce, kuma hujjar da lamba ta zo. "Ina da ƙwazo da riƙon amana" ba hujja ba ce, tunda babu mai neman aikin da zai ce ba shi da su. "Kaya iri 1,800" kuwa yana nuna girman abin da aka taɓa damƙa maka. Lambar ta zama ta gaskiya, wadda za ka iya karewa idan aka titsiye ka a intabiyu.

Jimla ta huɗu ita ce wadda mutane ke jin tsoro. Me ya sa zan tona wa kaina asiri cewa ban iya SAP ba? Saboda jami'in zai gani ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Idan yana tace masu nema da kalmar SAP, sunanka ba zai ma fito ba. Ta hanyar ambaton giɓin da kanka, tare da abin da ke cike shi, ka ba shi dalilin ya ɗauko takardarka da hannu ya duba. Kuma tambayar tana da amsa gajeriya: "dole ne" ko "za a duba". Kowacce ya bayar, ka ƙaru.

Tambaya ɗaya tak. Kada ka tambayi abin da ke rubuce a tallar, domin hakan na nuna ba ka karanta ba. Kada ka ce "ku duba shafina ku gaya mini aikin da ya dace da ni", wannan aikinka ne ka ɗora masa. Kada ka nemi ya kira ka a waya a saƙon farko. Maganar albashi ma ka jinkirta ta idan na cikin gida ne, sai dai dillali, shi kam yakan so a yi ta da wuri don kada ku ɓata wa juna lokaci.

Sai batun halin da kake ciki. Na san rashin aiki yana da ciwo, kuma mutum yakan ji kamar in ya faɗi nauyin da ke kansa za a tausaya. Amma jami'in ba shi da ikon ɗaukar mutum don tausayi. Zai kai sunanka gaban shugaban sashen da ke buƙatar ma'aikaci, kuma abin da za a tambaye shi a can shi ne me ka iya. Ka ba shi abin da zai faɗa a wannan ɗakin.

Idan ka san sunansa, ka sa shi a gaisuwar, ka kwafo shi harafi da harafi daga shafinsa, ka kuma kula kada saƙon ya wuce harafi 200. Kafin ka tura, ka karanta saƙon a bayyane sau ɗaya. Wanda ya kwafi saƙon jiya ya manta bai canza sunan kamfanin ba, ya gama da kansa a layin farko.

Bayan an karɓi gayyatar

Karɓar gayyata ba amsa ba ce. Masu ɗaukar ma'aikata da yawa suna karɓar kusan kowa, wani lokaci ba tare da sun karanta rubutun ba. Idan an karɓa kuma shiru, ka bar kwana ɗaya ko biyu, sannan ka tura saƙo na biyu. Yanzu kana da fili, kuma za ka iya haɗa takarda, abin da gayyatar ba ta bari:

"Na gode da karɓar gayyatata. Game da gurbin jami'in sito da na nema: a wurin da nake, ni ke karɓar kaya, in fitar, in shirya ƙidayar ƙarshen wata da ma'aikata 5 a ƙarƙashina. Dukkansu da Odoo muke yin su, kuma ayyukan su ne waɗanda tallarku ta lissafa a ƙarƙashin SAP. Na haɗa sibi ɗina a nan. Idan rashin SAP ba zai hana a duba ni ba, a shirye nake mu yi magana duk lokacin da ya yi muku."

Sibin ya zama PDF, kuma sunan fayil ɗin ya ƙunshi sunanka da na gurbin. Jami'in da ya sauke takardu arba'in duk masu suna cv.pdf ba zai iya nemo taka ba. Ya kuma zama shi ne wanda ka saka a fom, kada a ga iri biyu.

Daga nan sai haƙuri. Ka ba shi mako guda na aiki. Idan shiru, tuni ɗaya ya isa, layi biyu, kuma ya fi kyau ya zo da sabon abu. Misali, idan a cikin makon ka fara kwas na SAP, ka faɗa. Idan wani wurin ya kira ka intabiyu kuma kana buƙatar sanin matsayinka a nan, ka faɗa, muddin gaskiya ne. Bayan wannan tunin, ka bar maganar. Kada ka bi shi da "kun ga saƙona?" kullum, kada ka nemo lambar wayarsa ta gida, kada kuma ka je ƙarƙashin rubutunsa ka yi ƙorafin bai amsa maka ba. Shirun na iya zama an dakatar da gurbin, ko an ba wani na ciki, ko yana jiran shugaban sashe, kuma ba duka ne yake da izinin faɗa maka ba.

Idan gayyatar ce ma ba a karɓa ba, kada ka janye ta don ka sake turawa. Bayan janyewa, LinkedIn na hana ka sake gayyatar mutumin har kusan mako 3. Ka bar ta, ka nemi mutum na biyu, wato shugaban sashen da gurbin yake, wanda a misalinmu shi ne manajan sito ko na sufuri. Ka kuma guji watsa gayyata ga duk wanda ka gani. Wanda ya ƙi gayyatarka yana iya nuna cewa bai san ka ba, kuma idan irin wannan ya yi yawa, ana iya taƙaita asusunka.

Idan amsa ta zo

Idan ya ce "za a duba, yaushe kake da lokaci?", ka amsa a ranar, ka ba shi lokuta biyu ko uku takamaimai, kamar Talata ƙarfe 10 na safe ko Laraba ƙarfe 2 na rana. "Kowane lokaci" yana mayar masa da aikin zaɓe. Idan a wata ƙasa yake, ka faɗi agogon da kake nufi.

Idan ya ce SAP dole ne, ka gode masa, kada ka yi gardama. Shi ba shi ya kafa sharaɗin ba. Abin da za ka iya tambaya shi ne ko suna ɗaukar ƙaramin matsayi a sashen da ba ya buƙatarta, ko kuma ya yarda ka sake tuntuɓarsa idan ka koye ta. Yanzu kun zama 1st, ƙofar saƙo a buɗe take kyauta, kuma shi ne zai saka talla ta gaba.

Akwai kuma amsar da ya kamata ta sa ka ja baya. 'Yan damfara suna buɗe shafuka da sunan masu ɗaukar ma'aikata, har da tambarin kamfanoni na gaske. Alamarsu ta farko kuɗi: kuɗin fom, kuɗin horo, kuɗin kayan aiki ko na biza. Kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan mai ɗauko masa ma'aikaci. Ta biyu gaggawa: an ba ka aiki ba tare da intabiyu ba, ana matsa maka ka koma WhatsApp ko Telegram tun saƙon farko, ana neman hoton katin shaidarka ko bayanan bankinka kafin ka ga takardar ɗaukar aiki. Ka duba shafin mutumin da kyau: yana da abokan haɗi daga cikin ma'aikatan kamfanin? Ya daɗe yana saka abubuwa, ko jiya aka buɗe shi? Imel ɗin da ya ba ka na kamfanin ne, ko Gmail ne da aka liƙa wa sunan kamfani? Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka buɗe shafin kamfanin na intanet da kanka, ba ta adireshin da ya turo maka ba, ka shiga sashen guraben aiki ka nemi gurbin. Idan babu shi a can, ka rubuta wa kamfanin ta adireshin da ke shafinsu ka tambaya ko sun san mutumin da tallar, kuma kada ka tura masa komai sai sun amsa.